Wata goma a cikin minti uku: yadda na shirya kyamarar da ta kalli gini tun daga fandisho

Alhajin ya kira ni ne a ƙarshen damina, lokacin da ake share masa fili a wata unguwa ta bayan gari a Kano. Ni mai hoto ne, mafi yawan aikina biki ne da taro, sai ɗan hoton kayan 'yan kasuwa. Ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa, inda gini ke tsirowa daga ƙasa kamar shuka, mutane na zirga-zirga kamar tururuwa, ya ce irin wannan yake so a yi wa benen da zai gina, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama.

"Malam, ai kyamara kawai za ka ɗaura ka tafi, ko?"

Na ce, "Alhaji, ɗaurawar ba wuya. A ba ni mako biyu in yi lissafi in gwada."

Irin wannan bidiyon, wanda 'yan sana'a ke kira tayim-lafs, ba bidiyo ake ɗauka ba. Hotuna ne ɗaya bayan ɗaya daga wuri guda, da tazarar lokaci a tsakaninsu, daga baya a jera su a gudu. Na sha yin na faɗuwar rana, na awa ɗaya ko biyu, ina zaune kusa da kyamara ina shan shayi. Na gini kuwa injiniya ya ce wata goma za a yi, kuma ba zan kasance a wurin ba. Don haka tambayar da na rubuta a saman takardata ita ce: kwana nawa akwatin nan zai iya yi shi kaɗai ba tare da na leƙa shi ba? Na yanke mako biyu, saboda nisan wurin da sauran ayyukana. Duk lissafin da ya biyo baya, na kati da na batir, a kan wannan kwana 14 ya rataya.

Na fara daga ƙarshe. Na tambayi Alhaji tsawon bidiyon da yake so, ya ce kada ya wuce minti uku, don a iya tura shi a waya mutane su kalla har ƙarshe. Minti uku daƙiƙa 180 ne, kuma kowace daƙiƙa tana cin hoto 25, ke nan hoto 4,500 ake bukata. A wata goma, in ana aiki kwana shida a mako, ranakun aiki sun kai kimanin 260. Raba 4,500 gida 260, ka samu hoto 17 a rana. In ana aiki daga bakwai na safe zuwa shida na yamma, awa 11, to hoto ɗaya a kusan kowane minti 40 ya isa a takarda.

Ban bi wannan ba. Hoto 17 a rana bai bar maka zaɓi ba ko kaɗan. Idan tifa ta tsaya a gaban ginin, ko hazo ya rufe safiya, ko tsuntsu ya sauka a bakin gilashi, dole ka yi amfani da abin da ka samu. Sannan a cikin minti 40 inuwa ta yi tafiya mai nisa, in ka jera hotunan sai bidiyon ya riƙa fizga ido. Na zaɓi minti goma: hoto shida a awa, 66 a rana. Na kuma bar shi ya ɗauka har ranar hutu, don masu gini sukan shigo ranar Lahadi ba sanarwa in aiki ya matse. Kwana 300 sau 66 ya ba ni hoto 19,800, fiye da ninki huɗu na abin da bidiyon zai ci. Wanda ya ɗauka da yawa yana iya zubarwa, wanda ya ɗauka kaɗan ba zai ce a rushe fila a sake ba.

Akwai ranakun da minti goma ya yi musu yawa. Ranar zuba dekin, leburori na hawa da kwanon kankare a ka tun asuba, injin kwaɓa siminti na juyawa, kafin la'asar an shafe rodi gaba ɗaya. Wannan ita ce ranar da kowa ke son gani, kuma hoto 66 bai kai daƙiƙa uku ba. Na ware kwana huɗu, na fandisho da na dekin uku, na ce zan je da kaina in mayar da tazarar daƙiƙa 30. Hoto 120 a awa, 1,320 a yini, wato kusan daƙiƙa 53 na bidiyo da zan iya datsewa yadda nake so. Na roƙi injiniya ya riƙa sanar da ni kwana biyu kafin a zuba.

Kyamarar da na sadaukar tsohuwar Canon EOS 600D ce da na daina zuwa biki da ita. Ba na sa sabuwa a kan rufin wani na tsawon wata goma. Ba ta da agogon ɗaukar hoto a cikinta, sai an haɗa mata rimot mai agogo, wanda ake soka wa a ƙaramar kafa ta gefe, yana aiki da ƙananan batura biyu na AAA. Irin rimot ɗin nan mai araha abu ɗaya ya sani: danna shota bayan kowace tazara. Bai san dare ba, bai san rana ba. In na bar shi haka, zai ɗauki hoto 144 a kwana, kusan rabinsu duhu ne, kuma a kwana 300 shota za ta buga sau 43,200. Shota ƙarfe ce mai motsi, tana da iyakar bugun da za ta yi kafin ta gaji, kuma tawa ta riga ta ci bukukuwa da yawa.

Mafita ita ce in bar rimot ya yi ta dannawa dare da rana, amma in yanke wa kyamara wuta da dare. Na sayi tayima mai aiki da bolt 12, irin wadda ake sa wa fitilun sola, na sa ta a kan layin wutar kyamara. Makunnin kyamara yana nan a kunne kullum, da wuta ta dawo da safe sai ta farka da kanta. Wannan sai ka gwada a kan kyamararka kafin ka dogara da shi, tawa ta yi. Hatsari ɗaya ne: in wuta ta yanke a daidai lokacin da kyamara ke rubuta hoto a kati, hoton zai lalace, wani lokaci har katin ya rikice. Sai na tayar da rimot a daidai kan awa, yana bugawa a 7:00, 7:10, 7:20, tayima kuma na sa ta kunna 6:55 ta kashe 17:55, a tsakiyar tazara. Agogunan biyu suna zamewa juna a hankali, shi ya sa duk zuwa nake sake daidaita su.

Lissafin kati shi ne mafi sauƙi, kodayake shi mutane suka fi jin tsoro. Na ɗauki hoto ashirin na wani gini da ke kusa da gidana, mai yashi da rodi da bulo, na duba nauyinsu. JPEG mafi girma na wannan kyamara ya riƙa faɗawa tsakanin megabayit bakwai zuwa takwas. Hoton gini ya fi hoton bango ko sararin sama nauyi, saboda yawan ƙananan abubuwan da ke cikinsa, don haka kada ka ɗauki adadin da ke cikin littafin kyamara ka zauna. Na yi lissafi da takwas.

```
66 x 8 MB     = 528 MB   (kwana 1)
528 MB x 14   = 7.4 GB   (mako 2)
528 MB x 300  = 158 GB   (wata 10)
1,320 x 8 MB  = 10.6 GB  (ranar dekin 1)
```

Da ranar fandisho da ranakun dekin uku, jimilla ta doshi gigabayit 200. Katin da aka rubuta wa 32, kwamfuta kan nuna kusan 29 a cikinsa, kuma hakan ya isa kwana 55. Ke nan ko na fasa zuwa sau biyu a jere, kati ba zai cika ba. Na yi tunanin RAW, ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, wanda ya fi daɗin gyara haske, amma kowane hoto kusan megabayit 25 ne, ya ninka komai sau uku, kusan gigabayit 500 kafin a sa ranakun dekin, ga kwamfutata ba za ta ji daɗin tauna hoto dubu ashirin irin wannan ba. Bidiyon minti uku da za a kalla a waya bai cancanci wannan wahalar ba.

Kati biyu na saya, ina musanya su duk zuwa, ba na tsayawa kwafe hoto a kan rufi. Kafin in yarda da su na gwada kowanne da `H2testw`, ƙaramar manhajar da ke cika kati da bayanai ta sake karantawa. Katin jabu yakan nuna 32 alhali abin da ke ciki bai kai haka ba, sai ya yi ta karɓar hoto yana murmushi, ranar da ka buɗe ka tarar da rabi ba sa buɗuwa. Wani abin da ya kamata a sani tun farko shi ne lambar hoto. Canon tana ƙirga daga `IMG_0001` zuwa `IMG_9999` ta koma farko, ni kuma zan wuce dubu ashirin, ke nan suna ɗaya zai maimaitu sau biyu ko uku. In ka zuba su a jaka ɗaya, ko wani ya danne wani, ko jerin ya hargitse. Duk katin da na kawo gida sai na sauya wa hotunan suna zuwa kwanan wata da lokacin da aka ɗauke su, da wannan umarnin na manhajar `exiftool`:

```
exiftool "-FileName<DateTimeOriginal" -d "%Y%m%d_%H%M%S.%%e" .
```

Daga nan in kwafe su a ma'aji biyu daban, sannan in goge katin a cikin kyamara.

Wuta ce ta cinye mini mako guda cur. Ba a ja wa filin layi ba tukuna, janareta kuma sai ranar walda ko ranar kankare ake tayar da shi. Batirin kyamarar, LP-E8, hoto ɗari huɗu da wani abu yake ɗauka in ana aiki da shi a jere, ba a yi shi don kwana da kwanaki ba. Abin da ake yi shi ne a cire shi a sa batirin ƙarya, wani kwanso mai siffar batir da waya ta fito daga gindinsa, wanda Canon ke kira DR-E8, a ba shi wuta daga waje.

Na fara da abin da ya fi sauƙi, babban fawabank da wayar da ke ɗaga bolt biyar zuwa takwas. Kwana ɗaya bai yi ba. Yawancin fawabank an yi su ne don cajin waya, in suka ji abin da ake ja ya yi ƙasa sosai sai su ɗauka waya ta cika, su kashe kansu. Da kyamara ta yi shiru tsakanin hoto da hoto, sai ya mutu, kuma ba ya farkawa sai an danna masa maɓalli. Na ajiye shi na koma ga sola: faranti, kwanturola mai kula da cajin batir, batirin bolt 12, da ƙaramin allon da ke rage bolt 12 zuwa takwas don kyamara.

A nan ban yarda da ƙiyasi ba, na sa mitar awon wuta a kan layin batir na karanta. Na hana kyamarar yin barci da rana, domin a gwajin farko na lura wani lokaci dannawar rimot tana tashe ta ne kawai ba ta ɗauki hoton ba. Na juya allon bayanta ya fuskanci ciki don ya mutu, na kashe nuna hoto bayan ɗauka. A haka, ita da allon rage bolt suna jan kimanin amfiya 0.15. Sau bolt 12, wat 1.8 ke nan. Abin da ake tarawa shi ne wat sau awa, wato yawan wutar da abu ya sha a tsawon lokacin da ya yi a kunne. Kyamara wat 1.8 na awa 11, kusan 20. Ƙaramar fankar da na sa a akwati wat 1.2 na awa 11, kusan 13. Kwanturola da tayima ba sa barci, suna lasar ɗan kaɗan dare da rana, ya taru ya kai shida. Jimilla 39, na ce 40 a kwana.

Abin ya ba ni dariya da na ga fanka ta kusa kamo kyamara a ci. Amma ba zan iya cire ta ba. Littafin kyamarar ya ce an yi ta ne ta yi aiki daga sifili zuwa digiri 40, mu kuwa a Kano watan Afrilu iskar waje ma takan wuce haka, balle cikin akwati a kan rufi.

Da wannan 40 ɗin na auna batir. Wani abokina mai haɗa sola ya miƙo mini ƙaramin batirin nan mai rubutun `12V 7Ah`, ya ce ai kyamara ba ta cin komai. Bolt 12 sau bakwai 84 ne, amma batirin dalma ba a shanye shi ƙasa da rabi in ana so ya yi ƙarko, saura 42. Kwana ɗaya tak, ba ragi. Ni kuma ina so ko an yi kwana uku rana ba ta fito da ƙarfi ba, kyamara ta ci gaba. Kwana uku 120 ne, ninka biyu saboda dokar rabi, 240, raba da 12, ka samu 20. Na sayi mai `26Ah`, don batir yana raguwa da tsufa, zafi kuma yana gaggauta masa tsufan.

Faranti na ɗauki mai wat 50. Wannan adadin na ranar da komai ya yi daidai ne, ni kuwa na yi lissafi da mafi munin lokaci, tsakiyar hunturu, sama ta yi fari fat da hazo, ƙura ta kwanta a kan gilashin. Na ɗauka zan samu awa uku kacal na rana mai ƙarfi, kuma kashi 60 cikin ɗari ne zai isa batir bayan asarar ƙura da zafi da kwanturola. Hamsin sau uku 150, kashi 60 nasa 90. Ya ninka abin da nake ci a kwana, ke nan bayan ranakun duhu akwai rarar da za ta sake cika batir. Na sa fiyus kusa da kan batir, na ɗauki wutar kyamara daga kafar kaya ta kwanturola, wadda ke yankewa da kanta in batir ya yi ƙasa sosai.

Na haɗa komai a tsakar gidana, na nufi kyamara ga bishiyar darbejiya, na bar shi mako guda ban taɓa ba. Ranar da na cire katin na tarar da hotuna sun tsaya tun kwana na uku. Batir a cike, kyamara a kunne. Na daɗe ina jujjuya wayoyi kafin in kalli fuskar rimot. A wurin adadin hoto na sa lamba mafi girma da yake karɓa, 399, ina ganin na yi dabara. Rimot kuwa yana ƙirga har dannawar dare da kyamara ba ta ji ba, 144 a kwana, kafin kwana uku ya gama ƙirgarsa ya kwanta. Abin da ake so shi ne a wuce lambobin gaba ɗaya har fuskar ta nuna `--`, ma'ana ba iyaka. Da a kan rufi na gano wannan, da kwana goma sha ɗaya sun tafi. Na gyara na sake ba shi wasu kwanaki, wannan karon na lulluɓe farantin da buhu na kwana uku don in ga ko lissafin batir gaskiya ne. Ya riƙe.

Wurin ɗaurawa ma ya ɗauki zirga-zirga. Akwai bene a kudancin filin, kimanin mita 35 daga inda gaban ginin zai tsaya. Na so kudu ne don kyamara ta fuskanci arewa. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, mafi yawan shekara rana ta kudu take ratsawa, ke nan tana bayan kyamara tana haska fuskar gini. Daga ƙarshen Afrilu zuwa cikin Agusta takan ɗan karkata arewa, amma da tsakar rana tana can ƙoli, rumfar akwati ta isa ta tare ta. Kyamarar da ta kalli gabas ko yamma kuwa, kullum sai rana ta shige mata ido na wasu awanni.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a cika hoto da fili, a manta ginin zai tashi. Na karɓi zane a wurin injiniya, tsayinsa har saman rufi kusan mita 13. A nisan mita 35, lens ɗin a kan milimita 18 yana ɗaukar faɗin kusan mita 43, tsayi kuma kusan 24 bayan an datse hoton zuwa siffar bidiyo. Ya isa, har da sarari a sama. A watannin farko rabin hoton sama ce zalla, Alhaji ya gani ya ce na ɓata wuri. Na ce ya yi haƙuri, wurin benensa ne na ajiye masa.

Mai gidan da za a hau rufinsa dattijo ne, kuma tambayarsa ta farko ba ta kuɗi ba ce.

"Wannan abin naka, yana leƙa gidajen mutane?"

Na hau da shi, na ɗauki hoto na nuna masa. A gefen hagu kusurwar tsakar gidan wani maƙwabci ta shigo, inda mata ke shanya. Na karkata kyamarar, na kuma liƙa baƙin tef a wannan gefen gilashin akwati har wurin ya rufe, na sake nuna masa. Sai ya ce, "To, yanzu ka yi magana." Masu aikin ma na tara su na nuna musu, don raɗe-raɗi ya fara cewa Alhaji ya sa na'urar kama masu satar siminti.

Da farko na so in ɗaure akwatin a jikin ƙarfen tankin ruwa, shi ya fi tsayi. Mai waldar da ya zo da ni ya kama ƙarfen ya girgiza, ya ce, "Oga, wannan in tanki ya cika daban, in ya ƙare daban." Gaskiyarsa. Motsin da ido ba zai gani ba, a bidiyo sai gini ya riƙa rawa. Muka huda katangar rufin muka kafa ƙarfe da noti huɗu. Akwatin na ƙarfe ne mai kwaɗo, an shafe shi da farin fenti, da rufi na biyu a sama mai tazarar yatsu uku don iska ta ratsa, da huda a ƙasa da aka rufe da raga saboda ƙadangaru da zanzaro. Batir na ajiye shi a inuwar matakala. Na sa kyamara a `Av` da `f/8` da `ISO 200`, launin haske a kan hasken rana, na mayar da fokas na hannu, na naɗe zoben fokas da na zum da tef, na kashe mai hana rawa na lens. Komai da kyamara za ta iya sauyawa da ra'ayinta na ƙwace, ban bar mata sai saurin shota ba.

Wata uku komai na tafiya. A zuwana na bakwai, cikin Fabrairu, na buɗe akwati na ga fuskar rimot fari fat. Hoton ƙarshe a kati na ranar Laraba ne da ƙarfe 11:20, ni kuma na zo Talata. Kwana shida babu ko ɗaya. Babban batir na nan a cike, sola na aiki, kyamara na zaune tana jiran umarnin da ba zai zo ba. Na auna wat, na auna amfiya, na lulluɓe faranti da buhu, amma ƙananan batura biyun da ke cikin rimot, waɗanda na saya a teburin mai shago, ko sau ɗaya ba su shiga takardata ba. A cikin kwana shidan nan aka kafa katakon filolin hawa na biyu aka zuba su.

Abu biyu na sauya. Na koma sa batura masu kyau, ina canza su duk wata ko da sauran ƙarfinsu. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, na gane cewa kwana 14 da na gina lissafina a kai ba tsawon juriyar kayan ba ne kawai, shi ne kuma yawan kwanakin da zan iya asara kafin in sani. Na yi magana da dattijon, ya ba ni ɗansa, ɗan sakandare. Kullum kafin ya tafi makaranta yakan hau ya karanta lambar da ke fuskar kwanturola, bayan ya dawo kuma ya kara kunne a jikin akwati har ya ji ƙarar shota, abin da ba ya wuce jiran minti goma. In ya ji, ya yi mini filashin. In lambar safe ta sauka ƙasa da 12.2, alamar batir ya doshi rabi, sai ya kira. Sau biyu a mako yana goge faranti da gilashin gaba da tsumma mai laushi, na kuma roƙe shi kada ya jingina da akwatin.

Sau ɗaya ya kira ni kan lamba, cikin Agusta, bayan kwana uku ana hadari da ruwa. Ta nuna 12.1 da safe. Rana ta fito washegari, kafin kwana biyu ta koma daidai, hoto ko ɗaya bai faɗi ba.

Ginin bai ƙare a wata goma ba, ya ci goma sha ɗaya. Na sauke akwati da hoto dubu ashirin da shida da 'yan ɗari, nauyinsu ya tsaya dab da gigabayit 200. Wajen tacewa na zubar da ranakun da ba a yi aiki ba, na kuma fi ɗaukar hotunan tsakanin goma na safe da uku na rana, inda inuwa ba ta da tsawo, sai ranakun dekin na bar su su yi numfashi. Kwana shidan da na rasa, a ma'aunin hoto 17 a rana, daƙiƙa huɗu ne na bidiyo. Na haɗa bakin biyu da narkewar hoto a hankali ina fatan ba za a lura ba.

Alhaji ya kalla a ofishinsa sau biyu. A karo na biyu ya tsayar da shi daidai wurin, ya ja baya, ya sake sakewa.

"Malam, waɗannan filolin fa? Aljanu ne suka zuba su da dare?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, batirin rimot ne."